Yadda ake matse doguwar manufar kamfani ta koma take mai kalma goma

Yawancin bayanan manufa kwamiti ne ke rubuta su, shi ya sa suke da tsawo. Manajan kuɗi ya sa tasa, mai kula da ma'aikata ya sa tasa, shugaban kamfani ya ɗora burinsa a sama, kuma babu wanda ke son a taɓa layinsa. Idan aka zo neman taken da za a rubuta a jikin mota ko a faɗa a rediyo, sai a ɗauki wannan dogon bayani a riƙa goge kalmomi har a kai goma. A nan aikin ke lalacewa. Take ba taƙaitaccen bayanin manufa ba ne. Alkawari ɗaya ne da aka zaɓo daga cikin manufar aka faɗa wa mai saye da harshensa, sauran kuma aka bar su a takarda inda suke.

Za mu bi aikin da misali guda daga farko har ƙarshe. A ce akwai kamfanin jigilar kaya a Kano, yana ɗaukar kayan da 'yan kasuwa suka saro a Kwari da Singa da Sabon Gari yana kai musu garuruwansu. Ga bayanin manufarsa, irin wanda ake sa wa gilashi a rataye a ofis:

"Manufar kamfaninmu ita ce zama jagora a harkar jigilar kaya a arewacin Najeriya da ƙasashe maƙwabta, ta hanyar samar wa 'yan kasuwa manya da ƙanana ingantaccen sufuri mai sauri da rahusa, wanda ke kai kayansu daga kasuwannin Kano har ƙofar shagunansu cikin aminci, tare da amfani da fasahar zamani, da horar da ma'aikata masu gaskiya da riƙon amana, da samar wa matasa aikin yi, da kare muhalli, da kuma tabbatar da riba mai ɗorewa ga masu hannun jari."

Kalma 78 ke nan, jimla ɗaya. Wanda ya bi hanyar gogewa zai ƙare da wani abu kamar "Jagora a jigilar kaya mai inganci, sauri, rahusa da aminci." Ƙirga da yatsu, goma ce cif. Amma karanta ta sau biyu ka ɗauke ido, ka ga ko za ka iya maimaita ta. Babu aiki a cikinta, babu mutum, babu wuri. Jerin siffofi ne kawai.

Mataki na farko: warware bayanin gida-gida

Kada ka fara da rage komai. Ɗauki takarda ka rubuta kowace magana da bayanin ya ƙunsa a layinta, ko da kalma ɗaya ce. Duk inda ka ga "da" ko waƙafi, duba ko sabuwar magana ce ta fara. A misalinmu za ka samu goma sha uku: zama jagora; arewacin Najeriya da maƙwabta; 'yan kasuwa manya da ƙanana; inganci; sauri; rahusa; daga kasuwannin Kano har ƙofar shago; aminci; fasahar zamani; ma'aikata masu amana; aiki ga matasa; kare muhalli; riba ga masu jari.

Amfanin wannan jeri shi ne ya nuna wa kowa girman matsalar. Magana goma sha uku ba za ta shiga kalma goma ba ko da kowace ta ci kalma ɗaya. Idan da shugaban kamfanin kuke zaman, nuna masa takardar tun yanzu, domin gardamar "ai wannan ma yana da muhimmanci" gara a yi ta a nan da a yi ta bayan an buga allo.

Mataki na biyu: wa ake yi wa magana?

Bayanin manufa yana magana da mutane da yawa lokaci guda: ma'aikata, banki, gwamnati, masu hannun jari. Take da mutum ɗaya yake magana. Sai ka zaɓe shi, ka kuma siffanta shi sosai. "'Yan kasuwa" ya yi faɗi. A ce mai shagon atamfa ne a Gusau, yana zuwa Kwari sau biyu a wata, ya gama sari da la'asar, sannan ya shiga neman mai baro, da ciniki da 'yan kamasho a tasha, da kiran direba a waya har dare yana tambayar ina aka kai.

Yanzu bi jerin nan layi-layi da tambaya guda: wannan mutumin zai damu da wannan a lokacin da yake tunanin wa zai ba kayansa? Riba ga masu jari ba ta dame shi ba, hasali ma daga aljihunsa za ta fito. Aikin matasa da kare muhalli abubuwa ne masu kyau, amma ba su ne za su sa ya miƙa dilar atamfa ba. Fasahar zamani da horar da ma'aikata hanyoyi ne da kamfani ke bi, shi kuwa sakamako yake saye. Zama jagora burin mai kamfani ne.

Wannan na ƙarshen shi ne ya fi wahalar cirewa, don masu kamfani suna ƙaunar sa. Yana da kyau a tuna musu da Avis, kamfanin hayar motoci na Amurka. A farkon shekarun 1960 Hertz ne ke kan gaba, Avis na biye. Kamfanin talla na Doyle Dane Bernbach bai ɓoye hakan ba, ya fito wa Avis da tallan da ke cewa su na biyu ne, don haka sun fi ƙoƙari. Taken kalma uku ne a Turanci, kuma sun riƙe shi kusan shekara hamsin. Abin da ya sa ya kama shi ne ya gaya wa mai haya abin da zai samu: ma'aikatan da ba su da halin yi masa sakaci. "Jagora" ba ta gaya wa kowa abin da zai samu.

Shida sun fita. Saura bakwai.

Mataki na uku: gwajin abokin gasa

Rubuta sunan babban abokin gasarka a kan takardar, ka karanta kowane layi da ya rage kamar shi ne ke faɗa. Duk wanda ya zauna daram a bakinsa, ba naka ba ne. Akwai kamfanin jigilar da zai ce nasa sufurin ba shi da inganci? Akwai wanda zai ce ba shi da aminci? To waɗannan kalmomin ba sa bambanta kowa da kowa, kunne ma ya saba da su har ya daina jin su. Rahusa kuma tana da nata haɗarin: ranar da man dizal ya tashi ka ƙara kuɗi, takenka ya zama abin yi maka ba'a a tasha.

Abin da ya tsira shi ne wanda direban tasha ba zai iya faɗa ba. Shi a tasha yake ɗauka, a tasha yake saukewa. Kamfaninmu kuwa daga cikin kasuwa yake ɗauka, a shago yake ajiyewa. Wannan magana tana nan a tsakiyar bayanin manufar, kalma ta 36 zuwa ta 41, an binne ta tsakanin rahusa da aminci. Haka abin yake yawanci: maganar da ta fi daraja ita ce wadda ta fi kama da bayanin aiki na yau da kullum, shi ya sa marubutan manufa ba sa ɗaukar ta da girma.

Sauri ba mu yar da ita ba tukuna. A yadda take kowa na iya faɗin ta, amma idan aka mayar da ita lokaci takamaimai, kamar "gobe", ta zama alkawarin da za a iya riƙe mutum da shi. Ajiye ta a gefe.

Mataki na huɗu: faɗe ta da baki kafin ka rubuta

Kada ka yi tsalle daga 78 zuwa 10. Ka tsaya a tsakiya, wajen kalma ashirin zuwa ashirin da biyar. Hanya mafi sauƙi ita ce ka ajiye biro ka ɗauka wani ya tare ka a bakin kasuwa ya ce, "Malam, ku me kuke yi ne?" Abin da ya fito daga bakinka shi za ka rubuta:

"Ɗan kasuwar da ya yi sari a Kano ba sai ya je tasha ba, mu za mu ɗauki kayansa mu kai masa shagonsa washegari."

Kalma 24. Lura da abin da ya canza ba tare da an yi niyya ba. Sunaye masu nauyi irin su "samarwa" da "tabbatarwa" sun ɓace, aikatau na gaske sun shigo: ɗauka, kaiwa. "Sufuri" ta fita, "sari" ta shigo, kuma ita ce kalmar da mutumin ke amfani da ita da kansa. Idan ba ka san kalmomin masu sayenka ba, je ka zauna a inda ake karɓar kaya na yini guda da littafi, ka rubuta yadda suke tambaya da yadda suke ƙorafi.

Mataki na biyar: raba kalma goman nan kamar kuɗin cefane

Yanzu ne ake ƙirga. A Hausa ƙananan kalmomi suna cin wuri sosai: a, da, na, mu, ku, har. Cikin goma, huɗu ko biyar za su tafi a kansu, don haka kalmomi masu ɗauke da ma'ana biyar ko shida kawai gare ka. Rubuta su tukuna: sari, Kano, kaya, gobe, shago. Ka kuma tsai da ƙa'idar ƙirga tun farko. A daidaitacciyar Hausa "suna", "muku" da "shagonku" kowace kalma ɗaya ce, kada wani ya raba su, kada kuma a manne "za mu" don a samu ragi.

Sai ka juya jimlar ta fuskanci mai saye. A nan Hausa na tilasta maka zaɓin da dole ka yi da saninka: ka, ki ko ku. "Ka" tana da kusanci, amma ta fitar da mata, alhali mata masu sarin atamfa da kayan kicin suna da yawa, wasunsu ma ba sa zuwa Kano, ta waya suke saye. "Ku" ta haɗa kowa kuma tana da ladabi ga Alhajin da ya girme ka. Ga kamfanin da ke hulɗa da manya da ƙanana, ni "ku" nake zaɓa.

Rubuta da yawa, aƙalla goma sha biyar, ba tare da tace su ba. Ga uku daga irin abin da zai fito:

"Ba mu kayanka yau a Kano, gobe suna ƙofar shagonka."
"Ku yi sari yau a Kano, gobe kaya na shagonku."
"Ku yi sari yau a Kano, gobe kaya suna shagonku."

Dukkansu goma-goma ne. Ta farko tana da daɗin faɗa, amma da namiji kaɗai take magana, kuma ta fara da roƙo. Ta biyu tana da tarko: a rubuce, "kaya na shagonku" ana iya karanta ta da ma'anar kayan da shagon ya mallaka, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Ta uku ta gyara wannan da "suna". Ka riƙa neman irin wannan tarko da gangan, musamman a kalmomi kamar gari, kai da fari, waɗanda baki ke bambantawa amma allo ba ya bambantawa. Ka kuma rubuta taken ba tare da ƙugiyar ƙ da ɗ da ɓ ba ka ga ko ma'ana ta sauya, don mai fentin mota ko mai buga fosta na iya yar da su. "Kofar" ba ta cutar da kowa, amma "baƙi" ta koma "baki" wata magana ce daban.

Ta ukun ta fi ƙarfi saboda siffarta: gida biyu ne, yau da gobe, Kano da shago. Kunnen Bahaushe ya saba da wannan tsari daga karin magana, inda rabin farko ke kiran rabin biyu, shi ya sa take zama a kai.

Mataki na shida: kai ta gaban littafin aiki

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, kuma shi ne ke da tsada idan aka tsallake. Kowace kalma a take bashi ce. Kamfanin kai saƙonni na Amurka, Federal Express, a ƙarshen shekarun 1970 ya yi suna da take mai kalma tara a Turanci, wanda ma'anarsa ita ce idan ya zama dole, ba makawa, saƙo ya isa kafin gari ya waye. Sun iya faɗin haka ne don sun gina aikin gaba ɗaya a kansa: jiragensu na kansu, da cibiya guda a Memphis inda ake tattara kaya a rarraba su cikin dare. Taken bai ƙirƙiro saurin ba, ya ba da labarinsa ne.

Akwai kuma ɗaya gefen. Domino's, masu sayar da fiza, sun yi alkawarin kai abinci gida cikin minti talatin. A 1993 suka janye alkawarin a Amurka, bayan wata kotu a St. Louis ta yanke a biya wata mata fiye da dala miliyan 78 saboda direbansu ya buge motarta. Alkawarin lokaci yana sauka ne a ƙafar direba. Ga kamfanin da motocinsa ke bin hanyar Gusau ko ta Maiduguri da dare, wannan ba ƙaramin abin dubawa ba ne.

Saboda haka ɗauko littafin da ake rubuta fitar kaya da isarsu, ka ƙirga ɗari na ƙarshe. A ce ka samu 71 sun isa washegari, sauran sun kwana biyu ko uku. Na Zariya da Katsina da Dutse ba sa kuskurewa, amma Maiduguri ta fi kilomita 500 daga Kano, ga shingaye, ga jiran mota ta cika. Ma'ana kusan mutum uku cikin goma za su karanta "gobe" a jikin motar da ta kawo musu kaya jibi. Ba za a yi gyara da ƙaramin rubutu a ƙasa ba, don take ba ya ɗaukar sharaɗi. "Gobe" ta fita. Za a iya amfani da ita a tallan da aka keɓe wa garuruwan kusa, amma ba a taken kamfani ba.

Sai ka duba ɗaya alkawarin a littafin: cikin ɗarin nan, nawa aka ajiye a shago, nawa aka ce mai kaya ya zo ya ɗauka? Idan duka a shago aka ajiye, ka samu abin tsayawa a kai. Fitar "yau" da "gobe" ta ba ka gurbi, sai ka sa aikin kamfanin a ciki:

"Ku yi sari a Kano, mu kawo muku har shago."

Goma. Gida biyun suna nan, sai dai yanzu ku da mu ne: naku sari, namu kawowa. An zaɓi "kawo" a kan "kai" saboda tana tsayawa a inda mai saye yake, a garinsu, kaya na tahowa wurinsa. "Har" ita ce ke ɗauke da bambancin da ke tsakaninka da tasha, kada a taɓa ta. Wani zai so a ce "har ƙofar shago", kuma ta fi armashi, amma ta zama sha ɗaya. Idan allon motar na da fili babu laifi, goma iyaka ce da aka sa don ta tilasta zaɓi, ba farilla ba ce. Idan ma takwas ta isar, kada ka cusa biyu don cika lissafi.

Mataki na bakwai: gwada ta a kunnen waɗanda ba ruwansu

Ma'aikatanka ba za su iya yi maka wannan gwaji ba, sun riga sun san abin da kamfanin ke yi, kuma ba za su so su ɓata wa maigida ba. Nemi 'yan kasuwa kamar goma da ba su taɓa hulɗa da ku ba. Faɗa wa kowane taken sau ɗaya, da baki, ba tare da sunan kamfani ba. Kada ka tambaye shi ko ya yi daɗi, zai ce ya yi. Tambaye shi, "Alhaji, a ganinka masu wannan magana me suke yi?" Idan ya ce masu dakon kaya ne zuwa shago, ta isar. Idan ya ce dillalai ne masu saro wa mutum kaya, to rabin farko na jan hankali zuwa wani wuri, sai a sake dubawa. Wannan haɗari ne na gaske a taken namu, tunda babu kalmar "kaya" ko "mota" a ciki, kuma maganinsa yawanci shi ne sunan kamfani da ke gefensa ya riga ya ambaci jigila.

Bayan an ɗan yi wata hira, ka ce ya maimaita maka. Saurari inda ya canza. Idan mutum shida cikin goma suka ce "har shagonku" maimakon "har shago", bakinsu ya fi naka gaskiya, bi su. Adadin kalmomin ma bai canza ba. Basakkwace zai ce "maku", wannan karin harshe ne, ba kuskure ba. Abin damuwa shi ne a manta da rabin jimlar ɗungurungum, alamar cewa gidajen biyu ba su riƙe juna ba.

Karanta ta kuma da ƙarfi da agogo a hannu. Take mai kalma goma ya kamata ya fita a numfashi ɗaya, cikin daƙiƙa uku zuwa huɗu, don a tallan rediyo na daƙiƙa talatin a ƙarshe ake faɗin sa tare da suna da lambar waya.

Kafin a kai wa mai fenti

Bincika ko wani na amfani da irin wannan jimla, a intanet da kuma a jikin motocin da ke tashoshin da kake aiki. Rajistar sunan kamfani a CAC ba ta kare take. Wannan aikin ofishin rajistar alamun kasuwanci ne da ke ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu, ciniki da zuba jari ta tarayya. Ka sani kuma cewa jimlar da ke bayyana aiki kawai, irin tamu, ta fi wuyar samun kariya ita kaɗai, don haka a nemi shawarar lauya kan haɗa ta da suna da tambari. Tallan da za a watsa wa jama'a a Najeriya yana bi ta tantancewar ARCON, hukumar da ta maye gurbin APCON a 2022, idan kuma abinci ne ko magani, NAFDAC ma sai ta amince. Kalmomi irin "na ɗaya" da "mafi sauri" su ne ake neman hujjarsu.

Maganganu sha biyun da aka ajiye ba a soke su ba. Bayanin manufa na nan yadda yake a bangon ofis, aikin matasa da kare muhalli su shiga rahoton shekara, horar da ma'aikata ta shiga takardar ɗaukar aiki. Abin da ya rage shi ne a sanar da direbobi da masu lodi kafin kowa, domin daga ranar da aka rubuta "har shago" a jikin mota, direban da ya kira mai kaya ya ce ya same shi a bakin titi ya karya alkawarin kamfani, kuma dole a tanadi kuɗin mai baro ko ɗan sahu da zai ƙarasa da kayan inda babbar mota ba ta shiga.